Batun ɗakunan goman ƙarshe a Makka: an samu matsala

Makka, Lahadi 16 ga Ramadan 1446 (16 ga Maris 2025)

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Kawu, barkanku da shan ruwa. Da fatan kuna lafiya, ku da jama'ar da ke tare da ku a Madina. Allah ya karɓi ibada.

Na zaɓi in rubuto ne maimakon in bugo waya, domin maganar akwai lissafi a cikinta, kuma za ku so ku riƙe ta a rubuce lokacin da za ku zauna da alhazai. Labarin ba mai daɗi ba ne. Daga cikin ɗakuna 12 da aka kama muku a otal ɗin titin Ibrahim Khalil, an rasa 7. Guda 5 ne suka tsira, wato gadaje 20, alhali ku 46 ne za ku iso ranar Laraba 19 ga wata.

Ga yadda abin ya faru, gwargwadon abin da aka iya tantancewa zuwa yau. An biya kafin alƙalami tun watan Rajab, kashi 30 cikin 100. Bisa yarjejeniya, za a cika ragowar kafin la'asar ɗin Alhamis 13 ga Ramadan. An tura kuɗin ranar Laraba, da sauran kwana guda. Sai dai tsohon asusun otal ɗin aka tura wa. Ashe tun cikin Sha'aban an aiko mana da sanarwar canjin asusu, an karɓa, an ajiye, ba a gyara a takardar biyanmu ba. Kuɗin ya dawo da yammacin Alhamis. Kun san Juma'a da Asabar ba a aiki a nan, don haka ba a lura da saƙon bankin ba sai daren jiya. Kafin nan an riga an bai wa wata tawaga ɗakunan. A irin waɗannan kwanaki ɗaki kusa da Harami ba ya kwana babu mai shi.

Na san za ku lura cewa ina ta cewa "an tura", "an ajiye", "ba a lura ba", kuma na san tambayar da za ta biyo baya: wa ya tura? Da gangan na rubuta haka, Kawu. Wanda hannunsa ya taɓa takardar yaro ne, wannan ne azuminsa na farko a aikin, kuma abin da aka miƙa masa ya yi aiki da shi. Wannan wasiƙa za ta iya yawo hannu-hannu har gida, in sunansa ya shiga ciki ba zai fita ba. Ina roƙon a bar shi a rufe. In ana neman wanda za a kama, ga ni. Ni na sa hannu a kan biyan ban duba lambar asusun ba, ni ne kuma ya kamata in bugi otal ɗin ranar Alhamis da safe in ji ko kuɗi ya shiga, ban buga ba. Wannan laifina ne, ku yafe mini.

Da asubar yau na je na zauna da mudirin otal ɗin. Ya karɓe ni da mutunci, ya kuma yarda a riƙe mana ɗakuna biyar ɗin, an biya su cif a gabansa, rasit yana hannuna. Ya ce mai yiwuwa a samu ƙarin ɗaki ɗaya ko biyu idan wata tawaga ta rage mutane. Na kawo muku maganar yadda ya faɗe ta, amma don Allah kada a gaya wa alhazai tukuna. Da baki ya faɗa, bai rubuta ba, kuma gara a ba mutum abin da bai sa rai ba da a sa masa rai a hana shi.

Sauran mutum 26 an kama musu ɗakuna 7 a Aziziyya. Na shiga kowane ɗaki da ƙafata. Ginin sabo ne, ɗakunan sun fi na Ibrahim Khalil faɗi, akwai wurin dafa abinci a kowane hawa. Amma ba zan ɓoye muku ba, ba abin da suka biya ba ke nan. Mutumin da ya tara kuɗinsa shekara da shekaru domin ya riƙa jin kiran salla ya sauko ya taka zuwa Harami, yanzu sai ya jira mota. Motar otal tana bi ta ramin Mahbas al-Jinn ta sauke mutane ta ɓangaren Marwa. Yau da hantsi na gwada, minti 20 muka yi. Da alama a goman ƙarshe zai ninka haka, wataƙila ma ya wuce, musamman daren 27 da daren saukar Alƙur'ani, lokacin da ake tare hanyoyi tun kafin magariba. Wanda ke son asham da tahajjudi a cikin Harami, ina ganin zai fi masa sauƙi ya tafi bayan la'asar ya zauna har asuba. Saboda haka za a riƙa haɗa wa kowa abin buɗa-baki da sahur a leda kullum, daga aljihunmu, ba za a cire daga kuɗin kowa ba.

Batun kuɗi kuma. An kama ɗakin Ibrahim Khalil a kan riyal 18,000 na dukan kwanakin, na Aziziyya kuwa riyal 6,500. Bambancin riyal 11,500 ne a kowane ɗaki, ɗakuna 7 ya kama riyal 80,500. Wannan haƙƙin mutum 26 ɗin ne, za a mayar musu. Inda gizo ke saƙar shi ne kafin alƙalamin ɗakunan da aka rasa, riyal 37,800. A rubuce, otal yana da ikon riƙe shi tunda an saɓa wa'adi. Mudirin ya nuna za a duba, ganin cewa an sayar da ɗakunan ba su yi asara ba, kuma ina kyautata zaton za a dawo da wani abu. Ko an dawo da shi ko ba a dawo ba, ba zai shafi alhaji ko ɗaya ba. Gibin a wuyana yake. Abin da kawai nake roƙo shi ne lokaci: riyal 42,700 zan damƙa muku ranar da kuka iso, ragowar kafin jirginku ya tashi daga Jidda, in Allah ya yarda.

Abin da ya fi damuna shi ne rabon gadaje 20 ɗin. Ku kuka san mutanenku, ni takarda kawai nake gani. A cikin jerin da aka aiko mini akwai mutum 9 da suka haura shekara 65, da hajiyoyi biyu da ake turawa a keke. A ganina su ne farko, tare da masu kula da su, kada a raba mace da muharraminta ko tsoho da ɗan da ke riƙe masa hannu. In an yi haka gadaje kaɗan ne za su rage, su kuma ko a yi ƙuri'a a gaban kowa. Shawara ce, hukunci naku ne.

Ina kuma roƙon a sanar da su tun suna Madina, kafin su ɗaura harami a Zulhulaifa. Tafiyar fiye da kilomita 400 ce da azumi a baki, bai dace mutum ya iso a gajiye, cikin harami, sannan ya ji an canza masa masauki ba. In kuna ganin ya fi, ku haɗa ni da su ta waya gobe bayan asham in yi musu bayani da bakina, kada nauyin ya faɗa kanku, tunda ba ku da hannu a ciki.

Ina bukatar sunayen mutum 20 ɗin kafin azahar ɗin Talata, domin a shirya makullai, a kuma gaya wa direbobi motar da za ta sauke a Ibrahim Khalil da wadda za ta wuce Aziziyya. Ni zan tsaya a Aziziyya in tarbe su da kaina, ƙanena zai tarbe ku a ɗaya masaukin.

A gaida Hajiya. A sa mu a addu'a a Rauda.

Wassalam,
Ɗanku na Misfala