Tuni kan saƙona na 3 ga Maris: takardar sakamako, lambar nema 40718

Zuwa ga Jami'in Ɗaukar Ɗalibai,

Barka da aiki, da fatan kuna lafiya.

Ni ce mai lambar nema 40718, wadda ta cike fom ɗin digiri na biyu a fannin kiwon lafiyar al'umma. Na aiko muku da imel ranar Litinin, 3 ga Maris, kuma har yau Litinin 17 ga wata ban ji daga gare ku ba, shi ya sa na ce bari in yi tuni. Saƙon farko yana nan ƙasa da wannan, don kada ku sha wahalar nemansa.

Tambayata ɗaya ce: takardar sakamakon digirina na farko ta iso ofishinku, ko ba ta iso ba?

Jami'ar da na gama ta tura muku ita kai tsaye ta imel ranar Alhamis, 20 ga Fabrairu, da ƙarfe 11:42 na safe. Ma'aikacin da ya tura ta ya ba ni kwafin shaidar aikawa, na haɗa shi da wannan saƙo. Amma duk lokacin da na buɗe shafina na neman gurbi, sai in tarar komai ya samu alamar kammaluwa, wasiƙun malamaina biyu, fasfo, bayanin dalilin karatu, ban da layin sakamako, wanda har yanzu yake nuna Pending.

Akwai abin da nake zargi, kuma mai yiwuwa shi ne ya jawo tsaikon. A fom ɗinku sunana ne a gaba, na mahaifina a baya, kamar yadda yake a fasfo. A takardar jami'a kuwa an juya su, na mahaifina ya zo farko. Idan da suna ake haɗa takardu da fayil, ba mamaki tawa ta iso tana ajiye a gefe, ba a san mai ita ba. Ranar haihuwa ɗaya ce a takardun biyu, ita za ta raba gardama. Da na lura da wannan tun farko da na faɗa a wancan saƙon, sai daren jiya da na jera takardun a kan tebur idona ya kai wurin.

Amsar da na'urarku ta dawo min da ita ranar 3 ga wata ta ce a jira kwana 5 na aiki. Na jira biyar ɗin, na ƙara biyar a kai, domin na san wannan lokaci ne da saƙonni suke yi muku yawa, kuma ba na son in cika muku akwati da abu ɗaya. Ina leƙa Spam safe da yamma, babu komai. Sannan da na sake karanta saƙona na farko na ga ya yi tsawo, tambayoyi uku na cusa a ciki, wadda ta fi muhimmanci kuma tana can ƙarshe. Sauran biyun, ta masauki da ta ranar fara zango, a bar su zuwa gaba.

Abin da ya hana ni ci gaba da jira shi ne wa'adi. Masu tallafin karatun da nake nema za su rufe karɓar takardu ranar Juma'a, 28 ga Maris. Ba su ce lallai sai na kawo takardar samun gurbi ba, shaidar cewa fayil ɗina ya cika a wurinku ta wadatar. Don haka ba roƙo nake a gaggauta yanke hukunci a kaina ba, wannan ya bi layinsa kamar na kowa.

Idan da hali, ina roƙon a ba ni amsa kafin Juma'ar nan, 21 ga wata, ko da layi ɗaya ne. In takardar ta iso, a taimaka a gyara shafin. In ba ta iso ba, a faɗa min adireshin da ya kamata a sake turawa, saboda jami'ata ta ce tana bukatar kwana 3 na aiki kafin ta sake aikawa, kuma mako guda kacal zai rage mini. In kuma wani sashe ne yake kula da takardun sakamako, don Allah a miƙa masa wannan saƙo, a sanya ni a kwafi.

Zan kira lambar ofishinku da ke shafin jami'a ranar Litinin, 24 ga wata, da safe, idan amsar ba ta riga ni ba.

Na gode ƙwarai da lokacinku. A huta lafiya.

Taku,
Mai neman gurbin digiri na biyu, kiwon lafiyar al'umma
Lambar nema 40718