Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Nura

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mahaifiyarka ta nuna mini hoton da ka turo mata, wanda ke nuna jarinka ya ƙaru da kashi 30 cikin ɗari a mako uku. Ta yi murna, ni ma na yi maka barka. Amma daren nan ban yi barcin kirki ba, shi ya sa na ɗauki biro, don na san idan a waya ne "to Baba" kawai za ka yi ta cewa har mu rabu.

Ribar farko ita nake tsoro, Nura. Ita ce ke sa sabon ɗan kasuwa ya ɗauka ya gane kan abin, alhali kasuwa ce ta yi masa lamuni.

Ban iya harkarku ta saye da sayar da kuɗaɗen ƙasashe a waya ba, amma na san karyewa. Kana ɗan shekara huɗu na yi ciniki uku a jere masu kyau, sai na kwashe uwar kuɗina duka, na haɗa da bashi, na zuba a kaya iri ɗaya. Farashi ya faɗi. Maimakon in sayar in ɗauki ƙaramar asara, sai na zauna ina cewa gobe zai tashi. Wata biyar ina wannan goben. Ranar da masu bashi suka zo, kana tsakar gida kana jan wata motar wasa da zare, har ka je ka gaishe su. Shekara shida na yi kafin na miƙe. Garin neman gira na rasa ido.

To, ɗauko takarda mu yi lissafi. Wanda ya rasa kashi 10 na jarinsa, ribar kashi 11 da ɗan ɗoriya za ta mayar da shi inda yake. Wanda ya rasa rabi, sai ya ninka abin da ya rage kafin ya dawo. Saboda haka kada abin da za ka iya rasawa a ciniki ɗaya ya wuce kashi 2 cikin ɗari na jarinka. Ko sau goma ka faɗi a jere, kana da kusan kashi 82 a hannu. Idan kuwa kashi 10 kake sakawa kowane karo, faɗuwa goma za ta bar ka da abin da bai fi sulusi da kaɗan ba. Kuma faɗuwa a jere tana zuwa, ko ga gwanaye.

Ka yanke inda za ka fita tun kafin ka shiga, lokacin da hankalinka ke kwance. Ka sa abin nan da kuke kira stop loss, wato shingen da zai fitar da kai daga ciniki da kansa idan asara ta kai inda ka yanke, kuma idan farashi ya doso shi kada ka matsar da shi baya. Matsarwar nan ita ce "gobe zai tashi" ɗina, ta sake riga kawai.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne leverage ɗin da ka ce dillalinku yana bayarwa, ɗaya bisa ɗari, wato da naira ɗaya taka ka yi cinikin naira ɗari. Duk sunan da za a ba shi, juya kuɗin da ba naka ba ne. Idan ka yi amfani da shi duka, motsin kashi 1 kacal ya isa ya share ka. Ka bincika abin da ya faru ranar 15 ga Janairu, 2015, da babban bankin Switzerland ya janye iyakar da ya sa tsakanin kuɗinsa da yuro ba tare da gargaɗi ba. Cikin mintuna farashi ya tsallake inda mutane suka sa shingensu, wasu suka wayi gari dillali na bin su bashi, wasu dillalan ma suka durƙushe.

Ranar da ka yi asara sau biyu, rufe wayar, ka fita ka sha iska. Kasuwa ba ta san ka ba balle ka rama. Ranar da ba ka ga abin saye ba kuma, zaman ma aiki ne.

Na ji ƙanwarka Hafsa na cewa za ta ba ka ajiyarta ka juya mata. Kada ka karɓa, nata ko na wani, kuma kada ka taɓa kuɗin hayarka. Ka cire rabin ribar nan ka ajiye inda hannunka ba zai kai da sauƙi ba.

Ka sayi littafi ka riƙa rubuta kowane ciniki: dalilin shiga, inda ka yi niyyar fita, da inda ka fita a zahiri. Idan ka zo ƙarshen wata ka taho da shi mu duba tare. Shafukan asara nake so in fara gani.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka rage kwana kana kallon waya. Allah Ya yi maka albarka, Ya sa wa nemanka albarka.

Mahaifinka.