Kaza Wake-wake da Dila

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Wata kaza ce mai suna Wake-wake, tana da 'yan tsaki 7. Ran nan da kaka, an gama sussukar gero, sai ta fita bayan gari ita kaɗai tana tsince tsabar da ta zube a masussuka. Tana cikin tono ke nan, sai ta ji caraf, an dafe mata fiffike. Ashe Dila ne, kwanansa uku bai sa komai a baki ba, har haƙarƙarinsa sun fito.

Gabanta ya faɗi, amma ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Sannu Malam Dila. Ni za ka ci? Ai taɓa ka ji, duk gashi ne da ƙashi, kwanci ya ƙarar da ni. Ga 'yan'uwana can cikin akurki, ƙosassu, ko tafiya ba sa iya yi don ƙiba. Zo in kai ka."

Yawu ya tsinke wa Dila. Ya ce, "Wuce mu je. In kika gudu, tsalle ɗaya zan yi."

Da suka doshi danga, sai Wake-wake ta ɗaga murya:

"Hadari ya taso,
A kwashe shanya,
Hadari ya taso,
'Ya'yana maza-maza."

Dila ya dubi sama, ba ko ɗigon girgije, sai hazon hunturu. Ya ce, "Ke, wane irin hadari?"

Ta ce, "Haka nake kiransu su taru a akurki, kada ka sha wahalar kamu."

Alhali kuwa waƙar ɓuya ce, wadda take yi musu in shirwa ta kawo sura. Tuni 'yan tsaki da sauran kaji suka shige ƙarƙashin rumbu, suka yi tsit.

Akurkin na laka ne, ƙofarsa 'yar mitsitsiya. Dila ya tura hanci, ya ji warin kaji. Wake-wake ta ce, "Ƙara matsawa, Malam, suna can ƙurya." Ya kanne kunnuwa, ya yunƙura, kai ya shige. Ya duba, wayam, sai kashin kaji da ɓawon ƙwai. Ya ja baya, kunnuwa suka tokare. Ya sake ja, ina!

Sai Wake-wake ta ɗare kan danga, ta dinga kyarkyara har uwar gida ta fito da taɓarya, kare na biye da ita. Tim! Tim! Da ƙyar Dila ya fizge kansa, bakin akurki ya ɓalle ya bi shi a wuya kamar awarwaro, ya ranta a na kare zuwa daji.

Da magariba Wake-wake ta ƙirga 'ya'yanta, bakwai cif. Ta buɗe fukafukai ta rufe su, suka yi ɗumi, suka yi barci. To, ku ma ku rufe ido.

Ƙurunƙus kan kusu.