Amsa kan zargin satar fasaha a kundin digirina na biyu

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Ladabtar da Ɗalibai,
Ta hannun Shugaban Sashen Ilimi.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na karɓi takardarku ta ranar 14 ga Maris, wadda ke sanar da ni cewa an dakatar da kare kundina saboda zargin satar fasaha. Takardar ta ce rahoton manhajar Turnitin ya nuna kamanceceniya ta kashi 38 cikin ɗari, kuma mai jarrabawa na waje ya yi nuni da wurare a babi na 2 da babi na 4. Na koma na bi kundin shafi bayan shafi, ina gwada shi da littattafai da muƙalun da na karanta. A wasu wuraren mai jarrabawar yana da gaskiya. A wasu kuma ina ganin akwai abin da bai zo gabansa ba.

Zan fara da inda laifin yake nawa.

A shafi na 23 da na 24 akwai sakin layi biyu da suka fito kalma da kalma daga wata muƙala ta 2016 kan koyar da karatu a azuzuwan farko na firamare. Na rubuta sunan marubutan da shekarar a ƙarshen kowane sakin layi, amma ban sa alamar zance ba, ban kuma ba da lambar shafi ba. Duk wanda ya karanta zai ɗauka ra'ayin nasu ne, lafazin nawa. Alhali lafazin ma nasu ne. Tsarin APA bugu na 7, wanda sashenmu ke bi, bai bar wata kafa ba a nan: maganar wani da ba ta kai kalma 40 ba a sa ta cikin alamar zance, wadda ta kai 40 ko ta wuce a ware ta a matsa da ita ciki, kuma a nuna shafin da aka ciro ta. Ban yi ko ɗaya ba.

Ga yadda abin ya faru. Lokacin da nake bitar ayyukan magabata, fayil ɗaya nake zuba komai a ciki, da abin da na kwafo don in sake dubawa, da abin da na taƙaita da bakina. Da farko ina bambanta su da launi. Da na mayar da rubutun cikin tsarin da makarantar digiri na biyu ta tanada, launin ya tafi, ni kuma ban koma na tantance ba. Bayan watanni, da na zo haɗa babin, na karanta waɗannan layuka na ɗauka taƙaitawata ce. Wannan sakaci ne, kuma ban kawo shi don ya zama uzuri ba. Na kawo shi ne domin tsohon fayil ɗin yana nan da launinsa da kwanan watansa, kwamiti na iya dubawa.

Kuskure na biyu ya fi damuna, domin rahoton ma bai kama shi ba, ni na gano shi. A shafi na 31 na jingina bayanin tazarar da ke tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya da taimakon wani ga Vygotsky, 1978, kamar na karanta littafin da kaina. Ban karanta ba. A wani littafin koyarwa na ga bayanin. Ƙa'ida ita ce in ambaci wanda na karanta ɗin, in yi amfani da `as cited in`, sannan shi ne zai shiga jerin manazarta. Ni kuwa na tsallake shi, na hana shi haƙƙinsa, na kuma nuna karatun da ban yi ba. Haka nan akwai madogara uku da suka fito a cikin rubutun amma babu su a jerin manazarta, a shafi na 19 da 27 da 40.

Sauran zargin kuwa, ranka ya daɗe, ban amince da shi ba.

Kashi 38 ɗin nan ba ma'aunin sata ba ne. Manhajar tana gwada rubutu ne da abin da ke rumbunta, ta haska duk inda kalmomi suka zo ɗaya. Hukuncin ko sata ce ko ba sata ba, na mutum ne da zai zauna ya karanta. A kwafin da aka ba ni ba a cire jerin manazarta ba, ba a kuma cire maganganun da na sa cikin alamar zance yadda ya kamata ba, ga shi manhajar tana da hanyar cire duka biyun. Kaso mafi girma a rahoton, kashi 14, an danganta shi da wata takardar ɗalibi da aka miƙa a wannan jami'a. Ina da yaƙinin takardar tawa ce: shawarar binciken da na gabatar a taron ƙara wa juna sani na sashe, wadda ita ma aka shigar a manhajar a lokacin. Babi na 1 da na 3 daga cikinta suka tsiro, da sanin malamin da ke duba aikina. Idan dokar jami'a ta buƙaci in bayyana hakan a cikin kundin, zan yi. Amma a buɗe takardar a ga sunan wa ke kanta.

Babi na 4 shi ne inda abin ya fi yi mini ciwo. An ce teburorina sun yi kama da na wani kundi da aka rubuta a baya. Mun yi amfani da takardar tambayoyi iri ɗaya, wadda aka daɗe da wallafawa, kuma na faɗi asalinta a shafi na 46, don haka dole kanun teburorin su zo ɗaya. Alƙaluman ciki ba ɗaya ba ne. Ni na shiga azuzuwan, ni na zauna da malaman, ni na shigar da amsoshinsu. Takardun da suka cike da hannunsu suna wurina, da takardun izinin shugabannin makarantun, da fayil ɗin SPSS da na yi lissafin a ciki. Wanda ya sake lissafin daga waɗannan takardu zai samu abin da na samu.

Saboda haka ina roƙon kwamiti ya ba ni dama in bayyana a gabansa kafin a yanke hukunci, in amsa tambayoyi da bakina. Ina roƙon a ba ni cikakken rahoton Turnitin da rahoton mai jarrabawa na waje kafin ranar zaman, da isasshen lokacin da zan nazarce su, domin shafin farko kawai aka haɗo mini. Ina kuma so a ji ta bakin malamin da ke duba aikina, tunda ya ga kowane daftari tun daga na farko. In dokar jami'a ta yarda ɗalibi ya zo da wanda zai raka shi, ina neman a sanar da ni.

Ban nemi a kau da kai daga shafi na 23 da 24 da 31 ba. Duk matakin da doka ta tanada a kansu zan karɓa. Abin da nake roƙo shi ne a auna kowane wuri da abin da ke cikinsa, kada a ɗauki lamba ɗaya a shafa wa kundin gaba ɗaya.

Na haɗo da wannan takarda gyararren babi na 2 da aka yi wa kowane gyara alama, da tsohon fayil ɗin bayanaina, da kwafin shawarar binciken. Ainihin takardun tambayoyin zan kawo su da hannuna duk ranar da kuka sa.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Ɗalibarku,
Ajin digiri na biyu, Sashen Ilimi
18 ga Maris