Bayanin Neman Gurbin Horon Ƙwarewa a Fannin Mata da Haihuwa

Zuwa ga Kwamitin Tantancewa, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Ranku ya daɗe, wata mai jijjigar ciki ce ta sa na zaɓi wannan fanni. Ina aikin dare a wani babban asibiti a cikin birni aka shigo da ita a adaidaita sahu, shekarunta 17, cikin fari, wata tara, ba ta taɓa zuwa awo ba. Ta yi jijjiga sau uku a gida, ta taune harshenta. Jininta ya kai 180/120, ga furotin mai yawa a fitsari.

Muka kwantar da ita ta gefen hagu, muka share bakin, muka sa oksijin. Na ba ta maganeziyam salfet giram 4 ta jijiya a hankali, sannan giram 5 a kowane ɗuwawu. Haidaralazin miligiram 5 ya fara sauko da jinin. Muka sa robar fitsari, na kira babbar likita, aka yi mata tiyata kafin asuba domin bugun zuciyar jaririn ya fara raguwa.

Abin da ya tsaya mini a rai ya faru ne bayan tiyatar. Ƙa'ida ita ce a ci gaba da maganeziyam salfet giram 5 duk awa 4 har awa 24, amma kafin kowace allura sai an duba abu uku: numfashi ya kai 16 a minti, gwiwa ta motsa idan an buga, fitsari ya kai mililita 100 a awa huɗun. Da lokacin allura ta uku ya yi, mililita 40 kacal na gani a jaka, gwiwar kuma shiru. Ƙoda ce ke fitar da maganin, in ta yi rauni sai ya taru a jini har ya tsayar da numfashi. Na dakatar da allurar, na ajiye kalshiyam gulukonet giram 1 a gefen gado, na zauna ina ƙirga numfashinta. Mahaifiyarta ta ce, "Likita, ba za a ƙara mata allurar ba?" Na ce, "Mama, yanzu ƙarin ne zai cutar da ita." Da hantsi fitsarin ya dawo. Kwana shida aka sallame ta da ɗanta.

Na san ƙa'idar a daren nan, amma yanke shawarar lokacin tiyata da yin ta ba a hannuna suke ba, kuma su nake so in koya a hannun malamaina. Na kammala Jami'ar Bayero, na yi bautar ƙasa, na ci jarrabawar matakin farko ta Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Burina bayan horo in zauna a Kano, in riƙa horar da ungozoma a ƙananan asibitoci su gano hawan jini tun wurin awo, su kuma ba da allurar farko kafin su turo mara lafiya.