Shaidar wani manomin albasa daga Wurno bayan rani guda da famfon sola

Assalamu alaikum, jama'ar Sakkwato da kewaye. A makon jiya wani dattijo da muka haɗa wa famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana a gonarsa ta fadamar Rima, cikin ƙaramar hukumar Wurno, ya aiko mana da saƙon murya bayan ya gama cire albasarsa. Da muka saurara, sai na kira shi na ce, "Baba Alhaji, ko za ka yarje mana mu wallafa wannan magana domin sauran manoma su ji?" Ya amince da a buga kalamansa da lissafin da ke cikin littafinsa da hoton kayan aikin, amma ya gindaya sharaɗi cewa kada a ambaci sunansa, kada a nuna fuskarsa, kuma kada a faɗi takamaiman inda gonar take. Duk wanda ya san halin tsaro a gabashin jihar nan da yadda ɓarayi ke kwance faifan sola cikin dare ba zai tambayi dalili ba. Mun karanta masa wannan rubutu tun daga farko har ƙarshe ta waya, ya gyara mana adadi guda, sannan ya ce a sake shi.

Ga abin da ya faɗa, da bakinsa na Sakkwatanci, ba mu taɓa komai ba sai abin da rubutu ya tilasta:

"Injiniya, ina yi maka ban gajiya. Tun da anka cire tallafin mai, ni ba noma nike ba, wa masu gidan mai nike wa aiki. Bara duk mako sai na aiki yaro da jarka, wani lokaci har sai na sai da akuya kafin albasa ta sha ruwa. Bana kuwa, tun da kunka kafa wannan abu, da hantsi ya yi sai ruwa ya taho, babu ƙara babu hayaƙi. Amma ka rubuta har da laifinku, sa'ad da na'urar ta tsaya kwana huɗu kunka yi ba ku zo ba, da ban aje tsohon injina ba da albasa ta ƙone. In ban da wannan, wallahi ban yi nadama ba."

Yabo yana da daɗin ji, sai dai wanda zai fitar da kuɗi sama da naira miliyan guda ba zai dogara da daɗin baki kawai ba. Abin da ya ba wannan shaida nauyi shi ne Alhaji mutum ne mai rubuta komai. Yana da wani tsohon littafin makaranta mai bango ja, wanda gefensa ya sha baƙin mai, inda ɗansa ke rubuta kowace lita da aka saya da ranar da aka saye ta.

Gonar ta ɗan gaza hekta ɗaya. A ranin bara, daga dashe a watan Nuwamba zuwa cirewa a watan Maris, an yi makonni 16 ana ban ruwa da injin fetur, kuma littafin ya nuna an sha lita 320, wato kimanin lita 20 kowane mako. Da yake a ƙauye yake saye wajen 'yan bumburutu, kowace lita ta tsaya masa a kan kusan naira 1,100, jimla naira 352,000. Baƙin mai da gyaran inji sau biyu sun ci naira 38,000, saboda haka ruwa kaɗai ya lashe naira 390,000 a rani guda. Manoman rani ba sa buƙatar a tuna musu yadda aka kai ga haka, domin tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta ninka har sau da dama.

A ranin bana fetur ɗin da ya saya lita 46 ne kacal, a kan naira 46,000, ya ƙara baƙin mai na naira 6,000. Akwai kuma wani sabon kashe kuɗi da babu shi a bara, wanda masu talla da yawa ba sa ambata: naira 30,000 da ya biya yaron da ke goge faifan da safe yana kuma taimakawa wajen gadinsu. Jimlar ta kama naira 82,000, bambanci tsakanin shekarun biyu kuwa naira 308,000 ne. Kayan gaba ɗaya, wato faifai 4 masu ƙarfin wat 550 kowanne, da famfo mai bakin inci biyu, da na'urar sarrafa wuta, da ƙarafen girkawa da ladan aiki, sun tsaya masa a kan naira 1,150,000. Idan aka raba, zai ɗauki kusan rani huɗu kafin kayan su biya kansu, matuƙar albasa kaɗai zai riƙa yi sau ɗaya a shekara. Idan ya bi bayanta da masara ko tattasai kafin damina, lokacin zai ragu. Wanda ya ce muku a rani guda za ku mayar da kuɗinku, ku nemi ya nuna muku littafi.

Lita 46 ɗin nan ma tana da bayani. Famfon ba shi da batir, yana aiki ne daga wajen ƙarfe tara na safe zuwa la'asar, kuma a kwanakin da hazon hunturu ya yi kauri a Disamba da Janairu ƙarfinsa yakan ragu sosai, sai a tayar da tsohon inji a cike giɓin. Mun fuskantar da faifan kudu, muka karkata su kimanin digiri 13 daidai da matsayin Sakkwato a arewacin tsakiyar duniya, amma babu karkatar da za ta hana ƙura sauka, sai dai tsumma da ruwa kowace safiya. Sauran fetur ɗin an ƙone shi ne a kwanaki huɗun da Alhaji ya ambata. Wata waya ce ta saki a cikin na'urar sarrafa wuta a mako na biyar, kuma ma'aikacinmu guda ɗaya da ya iya gyaran yana wani aiki a Tambuwal. Laifinmu ne, mun ba shi haƙuri, ba mu karɓi ko kwabo ba a kan gyaran, kuma tun daga lokacin mun horar da wani matashi mazaunin Wurno domin irin wannan kira.

Albasarsa ta bana buhu 118 ce, ta bara kuwa 104. Ba mu sanya wannan ƙari cikin lissafinmu ba, saboda Alhaji ya sauya iri kuma ya ƙara takin gargajiya, don haka ba za mu iya cewa ga kason famfo a ciki ba. Abin da za mu iya tsayawa a kansa shi ne kuɗin ruwa, wanda ke rubuce rana bayan rana.

Wannan famfo na sama ne, kuma yana jan ruwa yadda ya kamata ne kawai idan zurfinsa bai wuce mita bakwai ba. Rijiyar Alhaji tana ba da ruwa a mita biyar. Wanda gonarsa ke kan tudu yana buƙatar famfon da ake zurawa cikin rijiya, farashinsa kuma daban ne. Mai son a yi masa lissafin tasa gonar zai iya aiko mana da saƙo ta wannan shafi, ko ya same mu a shagonmu da ke titin Ahmadu Bello a cikin garin Sakkwato, daga Litinin zuwa Asabar. A zo da girman gona, da zurfin ruwa, da adadin fetur ɗin da aka sha a ranin da ya wuce. Alhaji ya kuma yarda ya yi magana ta waya da duk manomin da ke son ji daga bakinsa, amma mu ne za mu haɗa kiran bayan mun sanar da shi, ba za mu ba kowa lambarsa ba.