Amsa: Daftarin rahoton asarar tumatir a yankin Kadawa

Assalamu alaikum Malam Auwalu,

Barka da aiki. Ya iyali, ya jikin Inna? Allah Ya ƙara mata sauƙi.

Na karanta daftarin da ka turo ranar Litinin daga farko har ƙarshe. Alƙaluman da ka tattara suna da kyau ƙwarai, kuma ba sai ka sake komawa gona neman ko da lamba ɗaya ba. Abin da ya rage shi ne jerin sassan, domin yadda suke yanzu suna ɓoye aikin da ka sha wahala a kansa.

Bari in fara da abin da bai kamata ka taɓa ba. Yadda ka ɗora kwandunan a kan sikeli da kanka, maimakon ka tambayi manomi kwando nawa ya yi asara ka rubuta, shi ne ƙarfin rahoton nan. Kowa ya san kwando ba ma'auni ba ne tsayayye: na wannan dillali ya fi na wancan girma, kuma tozon da ake yi masa ya danganta da ko kaya sun yi yawa a kasuwa ko sun yi ƙaranci. Ka auna a gona, ka sake aunawa a kasuwar Kwanar Gafan, ka ware mai kyau da wanda ya fashe da wanda ya ruɓe. Haka kuma ka raba manoman Kura da na Bunkure da na Garun Malam ba ka cakuɗa su ba, ka kuma rubuta makon da aka yi kowane awo. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, tunda tumatirin Janairu da ake tsinka cikin sanyin hunturu ba ɗaya yake da na ƙarshen Maris ba, lokacin da zafi ya shigo kuma kasuwa ta cika ta batse. Duk wanda ya san harkar zai yarda da jadawalanka.

To amma ka dubi mai karatu. Shugaban sashe zai buɗe rahoton yana da tambaya ɗaya a ransa: a ina tumatirin nan yake lalacewa, kuma me za mu sa wa kuɗi a kakar bana? Amsar tana cikin daftarinka, sai dai tana shafi na 23, a Jadawali na 7, a ƙarƙashin kan da ka sa wa suna "Sauran Bayanai". A nan ne ka nuna cewa a samfurinka asarar da ake yi tsakanin tsinka da sauke kaya a kasuwa ta fi wadda ƙwari da cuta suke yi a gona. Wannan shi ne babban abin da ka gano. Kafin mutum ya kai wurin, sai ya ratsa shafi tara na tarihi, sannan shawarwarin da aka ba shi tun bai ga hujjarsu ba, sannan hanyar bincike, sannan ya sake cin karo da tarihi. Wallahi na ji takaici da na ga jadawali mai daraja haka a wurin da mai gaggawa ba zai taɓa kaiwa ba.

Shawarata ita ce ka bar tumatirin da kansa ya jera maka sassan. Ka bi shi yadda yake tafiya: gona, tsinka da zubawa a kwando, jiran mota a bakin hanya, lodi, tafiya, sauka a kasuwa. Kusan duk bayanan da ke hannunka suna da gurbi a ɗaya daga cikin waɗannan matakai, yanzu dai a warwatse suke. Misali, maganar sharon, tsutsar nan da ke cin ganye da 'ya'yan tumatir, ta fito a wuri uku: a gabatarwa inda ka ambaci ɓarnar da ta yi a 2016, a sashe na 4 inda manoma suka faɗi yawan feshin da suke yi, sai kuma a sashe na 6 cikin hirar da ka yi da masu sayar da maganin ƙwari. Ka haɗe su wuri guda a ƙarƙashin asarar gona. A karon farko da ka ambace ta ka sa sunanta na kimiyya, Tuta absoluta, saboda masu ba da tallafin da za su karanta ba su san ta da sharon ba, daga nan ka ci gaba da sunan da manoma suke kiran ta.

Sashen kwando da akwatin roba shi ne ya fi bukatar hannu, kuma shi ne ya fi cancanta. Yanzu kwatancin ya rabu biyu. Nauyi da yawan wanda ya fashe suna sashe na 3, kuɗin saye da dalilan da suka sa manoma ba sa son akwatin suna can sashe na 8, shafi goma sha ɗaya a tsakaninsu. Mai karatu da ya ga rabin farko kaɗai zai ce ai magana ta ƙare, a sayo akwatuna a raba. Alhali kai ka ji daga bakin manoma da direbobi cewa lamarin ya wuce haka. Kwando idan ya isa kasuwar Mile 12 a Legas ba wanda yake damuwa da dawowarsa, shi kuwa akwati dukiya ce, dole a san wanda zai tattara shi, wanda zai biya kuɗin motar dawo da shi, da wanda zai ɗauki asara idan ya ɓace. Ga kuma dillalai da suka saba yin ciniki da kwando, su kalli tozo su yanke farashi. A ɗaya ɓangaren, awonka ya nuna a fili yadda na ƙasan kwando yake matsewa idan an ɗora wani a kansa, da yadda tsinken kwandon yake huda fatar tumatir. Idan waɗannan biyun suka zauna a shafi ɗaya, shawararka ta a gwada tsarin hayar akwati ta hannun ƙungiyar manoma za ta fito da kanta, ba sai ka yi dogon bayani ba. A ganina ita ce shawara mafi ƙarfi a rahoton, amma yanzu ita ce ta biyar a jeri, a bayan maganar buga takardun wayar da kai.

Tarihin kuma ka rage shi sosai. Shafi ɗaya ya isa a ce ruwan noman ranin yankin daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka kammala a 1974, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Masu karatunmu sun san Kadawa. Dogon bayanin yadda aka haƙa magudanan ruwa da yadda aka raba filaye yana da daɗin karatu, ni ma na ƙaru da shi, amma ba ya amsa tambayar asara. Ka mayar da shi rataye idan ba ka son ya salwanta. Abu ɗaya kawai zan ce ka ɗauko daga ciki ka dawo da shi gaba: bayanin da ka yi cewa yawancin manoma suna dashe kusan lokaci guda, shi ya sa kaya suke nuna tare su rushe farashi. Wannan dalili ne na asara, don haka wurinsa cikin sakamako.

Maganar kauɗa ma haka. Ka ajiye ta a ƙarshen sashen sufuri, alhali ba ta da alaƙa da mota. Manomi yana yanka tumatir ya shanya ne a lokacin da farashin kwando bai kai kuɗin tsinka da na mota ba, saboda haka ta bi bayan jadawalin farashi kai tsaye. Kuma ka yanke hukunci ɗaya: wanda aka shanya asara ne ko ba asara ba ne? A Jadawali na 4 ka lissafa shi cikin asara, a na 9 ka cire shi. Ni ina ganin a ware masa layinsa daban, tunda ana sayar da shi daga baya, sai dai a faɗi cewa shanya a ƙasa tana sa ƙura da yashi su rage masa daraja. Kowanne ka zaɓa, ka faɗe shi sau ɗaya a hanyar bincike, ka tsaya a kansa har ƙarshe.

Jerin da nake hange shi ne: taƙaitawa ta shafi ɗaya wadda za ta buɗe da abin da Jadawali na 7 ya nuna, gajeriyar gabatarwa, hanyar bincike duka a wuri ɗaya, sakamako bisa matakan tafiyar tumatir, sannan shawarwari, kowace da lambar jadawalin da ta dogara a kai. Takardar tambayoyi da cikakkun alƙaluman kowane ƙauye su koma rataye. Taƙaitawar ka bar ta sai ƙarshe, bayan komai ya zauna.

Aikin bai kai yadda yake a ido ba. Idan ka sa wa kanun sassan salon `Heading 1` da `Heading 2` a Word, sai ka shiga `View` ka kunna `Navigation Pane`. Kanun za su jeru a gefen hagu, kana jan ɗaya sama ko ƙasa duk abin da ke ƙarƙashinsa zai bi shi. Ka ajiye kwafin tsohon daftarin da wani suna kafin ka fara. Bayan ka gama ka bi lambobin jadawali ɗaya bayan ɗaya, domin duk inda ka rubuta "kamar yadda aka gani a sama" zai iya zama ƙasa yanzu.

Ƙananan abubuwa biyu. Wani wuri ka yi lissafi da kilo, wani wuri da kwando. Ka sa kilo ko'ina, ka nuna matsakaicin nauyin kwando sau ɗaya. Sannan a hirarrakin sashe na 6 sunayen manoma sun fito cikakku tare da ƙauyukansu, har da wanda ya yi maganar bashin da dillali yake bin sa. Ka cire sunayen, ka bar ƙaramar hukuma kawai, tunda mun yi musu alkawarin haka a takardar neman izini.

Na sa alamomi a gefen shafukan, na liƙa fayil ɗin a wannan saƙo. Ban taɓa ko lamba ɗaya ba, kibiyoyi ne kawai da ke nuna inda kowane sakin layi zai koma. Tunda sai ranar Alhamis ta sama za a miƙa wa shugaban sashe, idan ka turo mini sabon jerin zuwa Litinin, ko da kanun ne kaɗai ba tare da gyaran jimloli ba, zan duba a ranar in dawo maka da shi. In kuma ka fi son mu zauna, gobe bayan Azahar ina ofis, ka zo da kwamfutarka mu ja sassan tare. Idan akwai inda kake ganin jerinka na farko ya fi, musamman wurin kauɗa, ka faɗa mini, kai ne ka tsaya a gonakin.

Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara basira. A gaida mutanen gida.

Wassalam,
Rabi